Yaushe Umma za ta fita takaba? Ranaku huɗu aka ba mu a gida ɗaya

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masu sani ku taimaka mana da lissafi, magana ta fara zama jayayya a gidanmu. Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa ranar Laraba 12 ga watan azumin da ya wuce, daidai da 12 ga Maris 2025, a asibiti nan cikin Kano. Takardar da suka ba mu an rubuta ƙarfe 10:20 na safe, aka yi jana'iza bayan la'asar. Ya bar mata biyu, Ummanmu da Antinmu amarya. Jiya muka zauna don a san ranar fitarsu takaba, sai kowa ya kawo tasa. Yayanmu babba ya ce 22 ga Yuli. Kawu ya ce kwana 130 ne cif, ya ƙirga ya samu Lahadi 20 ga Yuli. Ƙanwata da ke islamiyya ta ce 22 ga Muharram. Gwaggo kuma ta ce ai daga ranar sadakar bakwai ake fara ƙirgawa, don ranar aka yi musu wankan shiga. Umma ba ta ce komai ba, sai kallonmu take yi. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Abban Sadik: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makoma. Kawunku ne ya yi daidai. Wata kwana 30 ne, sau huɗu 120, a ƙara 10, ya zama 130. Haka muka yi wa mahaifiyarmu, da ashana ma ta riƙa ƙirgawa, kullum ta jefa tsinke ɗaya a gwangwani.

Hajiya Ladi: Allah Ya gafarta masa. Ni dai abin da na tashi na gani a gidanmu na Yakasai, ko kwanakin sun cika ba a fita sai ranar Juma'a. A yi wanka, a yi kitso, a daka gumba a raba sadaka. To ku duba Juma'ar da ta fi kusa kawai, 'yata.

Ummi Gwammaja: Innalillahi. Allah Ya ba ku haƙuri. Amma ita Antin taku ai tsarki uku za ta yi tunda yarinya ce, ko ba haka ba?

Malama Zainab: A'a Ummi, wannan iddar saki ce. Wadda mijinta ya rasu wata huɗu da kwana goma ne, aya ta 234 a Suratul Baƙara, yarinya ce ko tsohuwa, an tare ko ba a tare ba. Mai ciki ce kawai aka fitar, ita haihuwa ce ƙarshen iddarta. Maman Hanifa, kafin a shiga lissafi, Antin taku tana da juna biyu?

Maman Hanifa: A'a Malama, goyo take yi, yaron yana wata tara yanzu. Umma kuma ta haura shekara 55, ta daɗe da daina ganin al'ada.

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Allah Ya jiƙan Alhaji, Ya ba iyalinsa haƙurin rashi. Bari mu ɗauki maganar ɗaya bayan ɗaya, don biyu daga cikin ranakun nan kuskure ne tsantsa, biyu kuma suna da tushe a wajen malamai.

Ta Gwaggo ce ta fara faɗuwa. Takaba ba wanka ne yake shigar da mace cikinta ba, ba kuma niyya ba. Mutuwar mijin ce. Ran da ya cika, ran nan idda ta hau kanta, ko ta sani ko ba ta sani ba, ko an binne ko ba a binne ba. Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in ba su da hannu a lissafin nan.

Ta yayanku ma ba ta tsaya ba, domin watannin da Alƙur'ani yake ɗora hukunci a kansu na ganin jinjirin wata ne, irin waɗanda muke azumi da aikin hajji da su. Ya ɗauko Maris zuwa Yuli, a cikinsu Maris da Mayu kwana 31 ne, shi ya sa lissafinsa ya kai kwana 132. Watan Musulunci kuwa ba ya wuce 30, kuma sau da yawa 29 ne.

Abban Sadik: To Malam ai ka dawo kan maganata, 130.

Malam Habibu: Ban dawo ba tukuna, Abban Sadik. Maganarka tana da asali. An ruwaito daga Imamu Abu Hanifa cewa idan mutuwar ta faɗo a tsakiyar wata, a ƙirga da kwanaki, 130. Don haka abin da mahaifiyarku ta yi ba wanda zai ce iddarta ba ta cika ba. Inda ka kauce shi ne cewa wata kwana 30 ne kullum. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna da yatsunsa cewa wata yakan zama 29, yakan zama 30. Kai ma shaida ne, azumin bana 29 muka yi.

A mazhabar Malikiyya, wadda ita muka karanta a zaurukanmu kuma da ita alƙalanmu suke hukunci, ga yadda ake yi. Idan mutuwar ta zo a tsakiyar wata, watanni ukun da ke tsakiya ana ɗaukarsu yadda Allah Ya kawo su, ko 29 ko 30, ba a ƙirga kwanakinsu ma. Watan farko da ya karye shi ake cikawa ya zama kwana 30, a ciko shi daga wata na biyar. Sannan a ɗora kwana goma. Akwai kuma ƙa'ida ɗaya da mutane suke mantawa: idan ya rasu bayan fitowar alfijir, ba a lissafa wannan yinin, daga washegari ake farawa.

Yanzu mu ɗora a kan na gidanku. Alhaji ya cika da hantsi ranar 12 ga Ramadan, alfijir ya riga ya fito, to 12 ta fita. Mu fara daga 13. Ramadan na bana a nan Najeriya ya tsaya a 29, Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata aka yi Sallah ranar Lahadi 30 ga Maris. Daga 13 zuwa 29 kwana 17 ke nan. Ki ajiye wannan 17 a gefe. Shawwal ɗaya, Zulƙida biyu, Zulhajji uku, waɗannan sun tafi a matsayin watanni cikakku. Sai mu dawo kan 17 ɗinmu, saura 13 ta cika 30. Mu ɗebo su daga Muharram, ya kai mu 13 ga Muharram, wata huɗu sun cika. A ƙara goma, 23 ga Muharram 1447. Idan rana ta faɗi a ranar 23 ɗin, aka kira magariba, takaba ta ƙare.

Maman Hanifa: Allah Ya saka da alheri Malam. Na ɗauko biro na bi lissafin, ya fita. Amma ke nan ƙanwata ma ta yi kuskure? Ita ta ce malamarsu ta koya musu daga 12 zuwa 12 wata ɗaya ne, sau huɗu ya kai 12 ga Muharram, a ƙara goma, 22.

Malama Zainab: Ba kuskure ta yi ba, ni ma haka nake koyar da ɗalibaina, kuma zan faɗi dalilina da izinin Malam. Allah cewa Ya yi watanni, bai ce kwana kaza ba. Idan Ramadan ɗin da mutumin ya rasu a cikinsa 29 ne, me zai sa mu mayar da shi 30 da hannunmu? Daga 12 ga wannan wata zuwa 12 ga na gaba wata guda ne a wajen kowa, haka ake biyan haya, haka ake ƙirga bashi. Wannan shi ne abin da Shaihul Islam Ibn Taimiyya ya zaɓa, malamai da yawa na wannan zamani suna fatawa da shi.

Malam Habibu: Gaskiya ne Malama, magana ce ta malamai, ban raina ta ba. Kuma jama'a ku lura, saɓanin nan kwana ɗaya ne tak, kuma ba kullum yake fitowa ba. Da a ce Ramadan ya cika 30, daga 13 zuwa 30 kwana 18 ne, a ciko 12, a ƙara goma, 22 ga Muharram. Da ni da Malama mun haɗu a rana ɗaya. Sai watan rasuwar ya zo da nuƙusani sannan hanyoyin suke rabuwa.

Dalilin Malikawa kuwa shi ne, wata iri biyu ne a shari'a: wanda aka kama daga jinjiri zuwa jinjiri, da wanda ba a samu haka ba sai a cika shi 30, kamar yadda ake cika Sha'aban idan hadari ya rufe sama. Watan da aka shiga daga tsakiyarsa ba a kama shi daga jinjiri ba, sai ya koma hukuncin cikawa.

Abin da ya sa nake tsayawa a kan 23 ga mutanen Kano ba son mazhaba ba ne kawai. Idan wata rigima ta taso, gaban alƙali za a je, shi kuma da littafin Mukhtasar zai duba. Na taɓa zama a wata sulhu a unguwarmu, an ɗaura wa wata baiwar Allah aure ranar da danginta suka ƙirga cewa ta fita, dangin mamacin suka zo suka ce saura kwana biyu. Auren da aka ɗaura a cikin idda ɓatacce ne, raba shi ake yi. A Malikiyya kuma idan har ya kai ga saduwa da ita, ta haramta gare shi har abada. Allah Ya taimaka ba a kai ga tarewa ba, aka sake ɗaurawa bayan mako guda, amma ranar na ga dattijo yana hawaye saboda kunya. Kwana ɗaya na jira ba ya cutar da kowa, kwana ɗaya na gaggawa kuwa yana iya rushe gida.

Malama Zainab: A kan ɗaurin aure na yarda da kai ɗari bisa ɗari, a ɗauki mafi nisa. Amma dattijuwa irin Umma da ba aure za ta yi ba, idan ta shafa turarenta da magaribar 22, ni ba zan ce ta yi laifi ba.

Malam Habibu: Ni ma ba zan ce ta yi saɓo ba. Zan dai ce mata ta ƙara kwana ɗaya.

Sadiya K.: Don Allah ku yi haƙuri in sako tawa. Mijina direban babbar mota ne, ya yi hatsari a hanyar Legas shekara uku da suka wuce. Wayarsa ta ɓata a wurin, ba mu samu labari ba sai bayan kwana 19, wani abokin aikinsa ne ya zo har gida da hularsa da agogonsa a leda. A cikin kwanakin nan ina kwalliyata, har biki na je na sa lalle. Da labari ya zo sai na fara ƙirgawa daga ranar da na ji. Tun lokacin abin yana damuna, shin takabata ta yi? Kuma lallen nan da na sa fa?

Malam Habibu: Allah Ya jiƙansa, Ya raya abin da ya bari. Ki kwantar da hankalinki 'yar'uwa. Iddarki ta fara tun ranar hatsarin, kwana 19 ɗin nan suna cikin lissafi duk da ba ki sani ba. Ke nan kin cika har kin ƙara. Lalle da kwalliyar da kika yi babu komai a kanki, Allah ba Ya kama bawa da abin da bai sani ba, kuma ba a rama kwanakin. Da labarin ma bai zo ba sai bayan wata biyar, da iddar ta riga ta wuce, ba sabuwa za ki ɗauko ba.

Sadiya K.: Alhamdulillah. Wallahi Malam ka sauke min dutse daga ƙirji.

Nura Fagge: Ni tambayata a kan alfijir ɗin nan ce. Namu mahaifin da daddare ya rasu, wajen ƙarfe 2. Wace rana za a ce?

Malam Habibu: A lissafin Musulunci dare ne yake gaba da yini. Da an kira magariba an shiga sabuwar rana, shi ya sa muke fara asham tun daren da aka ga wata. Wanda ya rasu ƙarfe 2 na dare, alfijir bai fito ba, to yinin da zai waye yana cikin lissafi, shi ne kwana na ɗaya. Ka ɗauki misalin gidan su Maman Hanifa. Da Alhaji ya cika kafin asubahin Larabar nan, da 12 ta shiga, kwanakin Ramadan su zama 18, a fita 22 ga Muharram. Da kuma ya kai bayan isha'in Larabar, wannan daren 13 ne, a fara da 13, a fita 23, daidai da wanda ya rasu da hantsi. Shi ya sa idan aka zo min da tambayar nan, kafin kwanan wata nake tambayar an yi sallar asuba ko ba a yi ba.

Maman Hanifa: To Malam 23 ga Muharram ɗin wace rana ce a kalandar bature? Yayanmu a Kaduna yake aiki, yana son ya nemi hutu ya zo. Na duba wayata ta nuna min Juma'a 18 ga Yuli.

Malam Habibu: Kada ki ba shi rana ɗaya tukuna, ki ba shi biyu. Kalandar waya da ta bango lissafi ne aka yi tun kafin shekara ta kama, yawancin na waya ma na Saudiyya suke bi, mu kuwa sanarwar Sarkin Musulmi muke bi, wani lokaci su dace, wani lokaci a samu tazarar kwana guda. Abin da muka tabbatar shi ne 1 ga Zulhajji ta kama Laraba 28 ga Mayu, shi ya sa muka yi layya ranar Juma'a 6 ga Yuni. Ke nan 29 ga Zulhajji ita ce Laraba 25 ga Yuni, daren da za a duba wata. In an gani, Muharram ya kama Alhamis 26 ga Yuni, 23 gare shi ta zama Juma'a 18 ga Yuli. In ba a gani ba, ya kama Juma'a 27, fitarsu ta zama Asabar 19 ga Yuli. Abban Sadik, ka ga jimillar kwanakin 128 ne ko 129, ba su kai 130 ba.

Matsalar da nake yawan gani ita ce mutane suna kasa kunne ga sanarwar wata sau uku kawai a shekara, azumi da Sallah biyu. Gidan da ake takaba ya kamata a samu mutum ɗaya da zai riƙa rubuta ranar da kowane wata ya kama. Biyu ne ma suka fi muhimmanci: nawa watan rasuwar ya yi, da kuma yaushe wata na biyar ya tsaya.

Hajiya Ladi: To ai ga shi ta faɗo Juma'a, maganata ta fito.

Malama Zainab: Hajiya, in ta faɗo Juma'ar ma sai bayan magariba, ba da safe ba. Wannan ne nake jin tsoro a al'adar nan. Na ga gidan da kwanaki za su cika Asabar, aka ce a yi fitar ranar Juma'a tunda ga 'yan'uwa sun taru, mai kitso ta zo tun da hantsi. An fitar da ita saura yini biyu. In kuma aka ce ta jira wata Juma'ar, an ɗora mata abin da Allah bai ɗora ba. Hadisi ya hana mace zaman makoki fiye da kwana uku sai a kan miji, shi ma wata huɗu da kwana goma aka iyakance. Taron 'yan'uwa da sadaka a yi su duk ranar da aka ga dama bayan nan, amma ita ta sani cewa daga magaribar ranar ta fita, ko ta yi wanka ko ba ta yi ba.

Hajiya Ladi: Mu dai iyayenmu ba su taɓa fita ba sai ranar Juma'a, kuma ba jahilai ba ne. Amma na ji batun kada a rage, wannan gaskiya ne.

Malam Habibu: Saura magana ɗaya a kan amarya, don kada a ɗauka lissafin kwanaki shi ke nan. A Risala an yi togiya: mace mai ganin al'ada idan jininta ya yi jinkiri ya wuce lokacinsa, tana zama har kokwanton ciki ya gushe. Wato ana son ta ga al'ada ko sau ɗaya a cikin wata huɗun nan. Umma wannan bai shafe ta ba. Amarya kuma idan shayarwa ce ta ɗauke mata jini, kuma ba ta jin alamar ciki, ranarta ɗaya da ta Umma. Amma ku mata ku tambaye ta a keɓe, a hankali. Goyo ba ya hana shigar ciki, yaron yana wata shida lokacin rasuwar. In akwai shakka ta je a yi mata gwaji. In ciki ya tabbata, duk lissafin da muka yi ya tashi a kanta, sai ranar da ta haihu, ko da zai kai ta watan Rajab. Haka kuma da haihuwar za ta zo da wuri, da ta fita da wuri, kamar Subai'atul Aslamiyya da ta haihu 'yan kwanaki bayan rasuwar mijinta Sa'adu bn Khaula, Annabi ya ce ta halatta.

Ummi Gwammaja: To wadda allurar tazarar haihuwa ta ɗauke wa jini fa? Maƙwabciyata shekara guda ke nan ba ta gani ba, kuma mijinta ya rasu watan jiya.

Malam Habibu: Wannan ba zan yanke ta a nan ba. Ana buƙatar a ji yaushe aka yi mata allurar ƙarshe, yaya al'adarta take kafin nan, me gwaji ya nuna. Ta tura wani muharraminta ko ta je da kanta wajen malamin da zai zauna ya saurare ta, fita irin wannan ta buƙata da rana ba ta ɓata takaba.

Abban Sadik: Ni har yanzu ina ganin 130 ta fi kwanciyar hankali ga wanda ba ya bin lissafin wata. Ba ta taɓa gazawa.

Malama Zainab: Ba ta gazawa kam, tunda wata ba ya wuce 30. Amma a gidan da aka san ranar da kowane wata ya kama, ban ga dalilin barin sani a koma ƙiyasi ba.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah Ya biya ku. Yanzu na fito daga ɗakin Umma, na karanta mata bayanin Malam tun daga farko. Ta sa na ɗauko kalandar da ke rataye a bayan ƙofa, wadda Baba yake yi wa alama da jan biro, na zagaye 18 da 19 ga Yuli duka biyun. Ta ce ita 23 za ta bi. Ƙanwata ta ce ita dai tana nan a kan 22 amma ba za ta yi musu da Umma ba. Gwaggo ban san yadda zan tunkare ta ba tukuna, sai Kawu ya zo gobe. Anti kuma zan shiga wajenta in yaron ya yi barci.

Nura Fagge: Daren Laraba 25 ga Yuni in an yi sanarwar ganin wata zan sako ta nan in sha Allah.